Gashin da ke Jikin Kwali da Gashin da ke Kanki

A watan Oktoba na 2022 aka jefa wata tambaya a dandalin Tiwita: ina yaran nan da hotunansu ke jikin kwalayen man miƙar da gashi na yara, waɗanda aka yi shekara da shekaru ana gani a kantuna? Ba a jima ba sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, duk sun zama manyan mata, kowace tana nuna kwalin da fuskarta ke kai. Abin da ya girgiza mutane shi ne wasunsu sun ce ba a shafa musu man da ke cikin kwalin ba kafin a ɗauki hoton. Busar da gashin aka yi, aka bi shi da ƙarfe mai zafi har ya miƙe, aka shafa masa mai ya yi sheƙi. Akwai ma waɗanda suka ce har yau rilaksa ba ta taɓa hawa kansu ba.

Irin waɗannan kwalaye ne jere a shagunan kayan kwalliya na kasuwar Sabon Gari a Kano, da Kaduna, da Maraɗi. Yadda ake cinikin ma kusan ɗaya ne ko'ina. Mace ta tsaya gaban kanta, ta bi fuskokin da ke jikin kwalaye da ido, ta nuna wadda gashinta ya fi burge ta. Mai shago ya miƙo ya ce, "Hajiya, wannan ai komai taurin gashi sai ya kwanta." Shi bai ga gashin ba, yana ƙarƙashin ɗankwali da mayafi. Ita kuma ba ta juya bayan kwalin ba. Yanzu da ake yawan sayayya ta waya abin ya ƙara sauƙi: mai sayarwa ta turo hoton gaban kwali, a tura kuɗi, ɗan aike ya kawo.

Ko da kamfani ya yi gaskiya, ya shafa wa mai hoton man nasa, hoton ƙarshen aiki kawai yake nunawa. Ba ya nuna yadda gashin yake kafin a fara, alhali can ne amsar take. Ko mai zai karɓi gashi ko zai cinye shi, ya danganta ne da gashin da ya tarar. Kwalin yana ɗauke da bayanin da ake bukata, sai dai ba a gabansa yake ba.

Tauri iri biyu ne

Idan muka ce gashi yana da tauri, abubuwa daban-daban muke haɗawa a kalma ɗaya. Akwai yadda silin gashi yake murɗewa. Akwai kaurin silin shi kansa. Akwai cikar gashin a kai, wato yawan silin da suka tsiro a wuri ɗaya. Sannan akwai abin da gashin ya sha a baya: rini, lalle, tsohuwar rilaksa, zafin ƙarfe.

Lambobin da ake gani a wasu kwalaye, irin su 3C da 4A da 4C, murɗewa kaɗai suke nufi. Wani mai gyaran gashi ɗan Amurka, Andre Walker, shi ya yaɗa wannan tsari a shekarun 1990, inda ya kasa gashi gida huɗu, daga miƙaƙƙe sumul zuwa mai murɗewa sosai. Yawancin gashinmu a gida na huɗu yake. Amma mata biyu za su iya zama 4C dukansu, ɗaya silinta kakkaura, ɗaya nata siriri kamar ba a riƙe komai ba. Lambar ba ta raba su, hoto ma ba ya rabawa.

A nan ne aka fi yin ɓarna. Gashin da ya murɗe sosai kuma ya cika kai yakan ƙi mataji, yakan karya kum, mai kitso ta yi ta mita. Tun yarinya tana ƙarama ake gaya mata gashinta tauri gare shi, ta girma da wannan, ranar da za ta sayi rilaksa sai ta nemi mafi ƙarfi. Amma sau da yawa silin irin wannan gashi siriri ne, cukurkuɗewa da yawa ne suka sa ya yi wuyar taja. Kuma kowace lanƙwasa a jikin sili wuri ne mai rauni inda yake saurin tsinkewa. Ƙarfin man da ya dace ana zaɓensa ne da kaurin sili da lafiyarsa, ba da yawan murɗewa ko cika ba.

Gane kaurin ba ya bukatar na'ura. A ɗauki sili ɗaya daga jikin mataji, a murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Idan da ƙyar ake jin sa, siriri ne. Idan ana jin sa sosai yana birgima, kakkaura ne. A kuma shimfiɗa shi a kan farar takarda kusa da zaren ɗinki: wanda ya kusa kamo zaren a kauri shi ne kakkaura, wanda zaren ya ninka shi nesa ba kusa ba siriri ne. A gwada daga tsakiyar kai, da ƙeya, da gaban goshi, domin kai ɗaya ma ba gashi iri ɗaya ne a kansa ba. Na gaban goshi da gefen kunne kusan kullum shi ne mafi sirantaka.

Abin da ke bayan kwali

Silin gashi an gina shi ne da wani furotin da ƙananan ƙulle-ƙulle ke riƙe da shi, su ne suke ba shi siffarsa da ƙarfinsa. Rilaksa tana shiga cikin silin ta tsinka wani kaso na waɗannan ƙulle-ƙulle, gashin ya saki. Abin da ta tsinka ba ya komawa yadda yake, shi ya sa gashin da aka miƙar ba ya sake murɗewa, shi ya sa kuma bai kai na asali ƙarfi ba. Duk wadda ta taɓa sa kanwa a wake ta san hikimar: kaɗan ta sa ya nuna da wuri, ta yi yawa ya dagargaje. Kanwa da rilaksa dangi ɗaya ne a sinadarai, sai dai rilaksa ta fi ta kaifi ƙwarai.

Saboda haka abu na farko da za a nema a kwali shi ne jerin kayan haɗi. Idan an ga Sodium Hydroxide a matsayin babban sinadarin, to soda ce, irin wadda masu haɗa sabulu a gida suke jiƙawa da safar hannu. Wannan nau'in a roba ɗaya yake zuwa, ba a haɗa shi da komai. Yana aiki da sauri, yana kuma saurin ƙona fatar kai, shi ya sa ya fi dacewa da hannun wadda ta ƙware.

Idan kuma an rubuta No-Lye a gaban kwali, ko Sans Soude a kayan da ake samu a Nijar da Kamaru da Chadi, yawanci za a tarar da abu biyu a ciki: kirim mai ɗauke da Calcium Hydroxide, da 'yar kwalba ta ruwa mai Guanidine Carbonate. Sai an juye ruwan a kirim an gauraya sosai sannan man yake tashi, kuma abin da aka haɗa a ranar ake amfani da shi, a zubar da ragowar. Wannan nau'in ya fi sauƙi ga fatar kai, amma yana barin ɓurɓushin sinadarin kalsiyam a jikin sili, gashi ya riƙa bushewa yana dusashewa. Mai gashin da dama can busasshe ne, musamman a hunturu, ko a unguwar da ruwan rijiyarsu ba ya kumfa da sabulu, ta sa wannan a lissafi. Akwai kuma na Lithium Hydroxide, wanda shi ma ake rubuta masa No-Lye amma ba ya bukatar haɗi.

Kada rubutun nan ya sa a saki jiki. Ana auna kaifin irin waɗannan sinadarai da ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 zuwa 5.5. A 2019 masu bincike a Jami'ar Cape Town da ke Afirka ta Kudu suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa rilaksa 121 da suka sayo a kantuna. Dukansu sun haura 11.5, matakin da ake ɗauka yana cin fata, kuma matsakaicinsu ya ɗan wuce 12. Masu soda da marasa soda duk suna ciki, haka ma waɗanda aka yi wa kwali mai hoton yara. Wannan shi ya fi damuna a duk lamarin. Hoton yarinya mai murmushi da ribbom a kai yana sa uwa ta ɗauka man na yara daban ne, mai sanyi. Awo bai nuna haka ba. A ganina yarinyar da ba ta balaga ba a bar mata gashinta, a yi ta kitso sassauƙa da man kaɗanya har ta girma ta zaɓa da kanta.

Hoton zaitun ko kwakwa ko zuma da ke gaban kwali shi ma ana iya bin diddiginsa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Idan man zaitun ɗin da aka cika kwali da hotonsa yana can ƙasan jeri kusa da turare, to ɗan kaɗan ne a ciki. Ko da yana da yawa ma, ba ya rage kaifin sinadarin.

Sai matakin ƙarfi, wanda yawanci ake rubutawa a wani lungu: Mild na siririn gashi da wanda aka taɓa rinawa, Regular ko Normal na matsakaici, Super na kakkauran sili mai gardama. Kusa da shi, ko a takardar da ke ciki, akwai jadawalin lokaci, wanda galibi yake tsakanin minti 10 zuwa 20 ko ɗan sama da haka, gwargwadon irin gashi. Akwai kuma sakin gargaɗi da ƙananan haruffa, inda kamfanin da kansa yake lissafa gashin da man bai dace da shi ba: wanda aka kashe wa launi ya yi fari ko ja, wanda ya sha lalle ko rini mai sinadarin ƙarfe, wanda aka murɗa da wani sinadari daban, da kan da ke da ƙuraje ko rauni. Wannan sakin ya fi hoton gaba faɗin gaskiya. Mai saye ta waya ta roƙi a turo mata hoton bayan kwali da gefensa a sarari, yadda za ta karanta kayan haɗi, da matakin ƙarfi, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC idan a Najeriya ne. Mai sayarwar da ta ƙi turo wannan, a nemi wata.

Amarya da kwalin Super

A ɗauka ga amarya, saura kwana goma biki. Gashinta cike yake, murɗaɗɗe, kowa a gida ya san shi da karya kum. Mako biyar da suka wuce ta sa rilaksa, mako uku da suka wuce ta yi baƙin rini na dindindin, jiya kuma ta tsefe kitso tana ta susa da kibiya. Yayarta ta kawo mata kwali mai hoton wata mata da gashi ya zubo har gadon baya, an rubuta Super da No-Lye. Shirin shi ne a sa man gobe, jibi a yi kitso da ƙarin gashi.

Aka murza silin amarya, da ƙyar ake jin sa. Super ya fita daga lissafi ke nan tun a nan. Aka jiƙa wani silin aka ja shi a hankali. Lafiyayyen gashi yakan ɗan miƙe ya koma. Nata ya tsinke nan take, alamar rilaksa da rini sun riga sun gajiyar da shi. Da ya miƙe ya ƙi komawa, ya yi laɓo-laɓo a hannu, wannan ma alamar lalacewa ce.

Sai aka duba sabon tsiro. Wani bincike da aka wallafa a 2001 ya nuna gashin 'yan Afirka yana tsawo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita a rana, wato wajen milimita 8 a wata. A mako biyar abin da ya fito wa amarya bai cika santimita ɗaya ba. Babu hannun da zai iya shafa kirim a wannan ɗan tsakanin ba tare da ya hau tsohon gashi ba, kuma duk inda man ya hau sau biyu nan ne gashin zai gutsure. Dalilin da ake cewa a jira mako 8 zuwa 12 ke nan: a mako takwas tsiron ya kusa santimita ɗaya da rabi, a mako goma sha biyu ya ɗan haura biyu, akwai wurin aiki. Ga kuma fatar kai da aka sosa jiya, duk ƙananan tsagar da kibiya ta bari ƙofa ce ga sinadarin.

Hukuncin wannan kai a bayyane yake: babu rilaksa kafin biki. Idan ana son gashin ya kwanta ranar kamu, a wanke, a shafa mai, a busar da diraya da zafi matsakaici. Na 'yan kwanaki ne, amma gashin yana nan.

In ta haƙura har mako na goma, sai a nemo Mild. A bar kan kwana uku ko fiye ba susa, ba wanki, ba tsifa. Kafin a taɓa kai duka, a ware ɗan tsagi a ƙeya inda ba a gani, a shafa wa sabon tsiron man, a riƙa dubawa da bayan kum. Mintin da ya saki shi ne lokacin wannan gashin, muddin bai wuce abin da jadawali ya yarda ba. Idan ya karye ko ya yi danƙo, an tsira da sauran kan. Ranar aikin, a shafa basilin a goshi da kunnuwa da ƙeya, a kuma rufe tsohon gashin da mai. A raba kai gida huɗu, a fara daga inda gashin ya fi ƙarfi, a bar gaban goshi sai ƙarshe. Agogo yana fara lissafi ne daga shafar farko, ba daga lokacin da aka gama shafawa ba. Mata da yawa a nan suke ninka lokacin ba su sani ba: a yi minti goma sha biyar ana shafawa, sannan a zauna jiran wasu goma sha biyar.

Ba a kuma neman gashin ya miƙe sumul kamar na hoto. Idan an bar masa 'yar lanƙwasa, an bar masa sauran ƙarfi. Maganar nan da ake yi a wasu shaguna, "Anti, ki daure, zafin nan alamar yana ci ne," kuskure ce mai hatsari. Zafi alamar fata ce take ƙonewa, a wanke nan take. Bayan an ɗauraye da ruwa mai yawa, sai sabulun da ke cikin kwalin wanda aikinsa kashe kaifin man. Wasu kamfanoni sun yi shi yadda kumfarsa za ta yi ruwan hoda muddin da sauran mai a kai, sai a yi ta maimaitawa har kumfar ta fito fara. Kwalin da babu wannan sabulu a cikinsa, kada a buɗe shi sai an sayo sabulun daban.

Idan an samu matsala, washegari ake ganewa. Gashi ya manne da fata, wuri yana tsattsafo da ruwa ko ya yi ɓawo: ƙuna ce, idan ta yi faɗi ko ta fara ruwa a je asibiti. Gashin da ke zuba ma a duba shi da kyau. Dogon sili mai ɗan farin ƙulli a gindi faɗuwa ce ta al'ada. Gajerun gutsattsari a kafaɗa da matashi, marasa ƙulli, karyewa ce, man ya wuce misali.

Akwai wani dalilin kuma na rage yawan shafawa. A 2022 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka fitar da binciken da ya bi mata sama da 33,000 na kusan shekara goma sha ɗaya. An ga waɗanda suke amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi kamuwa da kansar mahaifa, da ninki biyu da wani abu: kimanin kashi 4 cikin ɗari kafin shekara 70, maimakon kashi 1.6. Binciken alaƙa ya nuna, bai ware wani kamfani ko sinadari ba. Amma ya isa ya sa mai shafawa duk wata ta sake tunani.

Ƙarin gashi: a karanta nauyi kafin tsawo

Sanannen abu ne malaman Musulunci sun hana ƙari da gashin mutum, sun kuma yi saɓani a kan na roba da zare da ulu, don haka wannan kowa ta koma ga malaminta. Amma ana sayar da kayan a kasuwanninmu, ana kuma kitsa su a garuruwanmu, kuma goshin mata da yawa ya tafi a dalilinsu. Ya kamata mai saye ta san abin da take ɗauka.

A nan hoto ya fi amfani kaɗan, domin kayan da kansa ana ganinsa ta cikin leda. Duk da haka matar da ke jikin fakiti kusan kullum fakiti da yawa ne a kanta, ba ɗaya ba. Tsawon da aka rubuta kuma na gashin ne idan an ja shi ya miƙe, saboda haka mai nannaɗe da aka rubuta wa inci 20 zai tsaya sama da inda miƙaƙƙe mai inci 20 yake kaiwa. Launi ma lambarsa ake bi, ba hoto ba, domin fitilar ɗaukar hoto da allon waya duk suna canza shi. Lamba 1 baƙi ne wuluk irin na rini. 1B shi ne baƙin da ya fi kusa da gashin yawancinmu, 2 ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa mai duhu. Su 27 da 30 da 33 launukan zuma da ja-ja ne. Wadda ba ta rini ta ɗauki lamba 1, da ta fita rana za a ga inda nata ya tsaya na kanti ya fara. A fito da fakitin bakin ƙofar shago a kara shi da gashi a hasken rana.

Idan salon zai bar gashin mutum a waje ya haɗu da na kanti, sai laushinsu ya zo ɗaya. Wanda aka rubuta wa Silky santsi gare shi da sheƙi, ba ya sajewa da gashinmu ko an sa rilaksa, sai an yi ta gasa na kan da ƙarfe kullum, daga nan kuma sai karyewa. Yaki an yi shi ne ya kwaikwayi gashin da aka miƙar da rilaksa, da ɗan kaushinsa. Kinky shi ya fi kusa da gashin asali da aka busar da diraya. Na roba, irin zaren Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan ya fara yi a 1957, ana tsoma bakinsa a ruwan zafi ya ɗaure, amma ba kowanne ne yake jure ƙarfe mai zafi ba, sai wanda aka rubuta a fakitinsa. Mai shakkar ko abin da aka sayar mata a matsayin gashin mutum na gaske ne, ta ciri sili biyu ta kusantar da ashana. Gashin mutum yana ƙonewa da ƙaurin gashi, ya zama toka mai murmushewa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne nauyi, kuma a rubuce yake a fakiti, sai dai ba a cika dubawa ba. Dogon fakitin kitso da aka saba gani, mai inci 82, nauyinsa kusan giram 165 ne. Idan mai kitso ta cinye fakiti uku, an ɗora wa kai kusan rabin kilo. A raba wannan ga kalaba hamsin, kowace ta ɗauki wajen giram goma, dare da rana, na tsawon makonni, idan ta jiƙe kuma ta ƙara nauyi. A tsakiyar kai, inda tsagi yake da faɗi kuma gashi ya cika, ana iya jurewa. A gaban goshi kuwa 'yan siraran sili ne suke riƙe da wannan kaya, sannan a tattara a ɗaure a baya, a ɗora ɗankwali a tamke. Saiwar tana gajiya a hankali. Tun ana ganin gashin yana dawowa bayan tsifa, har ya daina.

Binciken da likitocin fata suka yi a Cape Town ya tarar da irin wannan cinyewar goshi a kusan kashi 32 cikin ɗari na matan da aka duba, da kashi 17 na 'yan mata 'yan makaranta, kuma haɗarin ya fi yawa inda aka ɗora kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa. Shirin da aka yi wa amaryarmu ke nan daidai, rilaksa gobe, ƙari jibi. Ko mai lafiyayyen gashi ta bar aƙalla mako biyu tsakanin su biyun. Mai siririn sili kuma ta rage yawan fakiti da tsawo, ta ce wa mai kitso ta faɗaɗa tsagin gaba, ta fara kowace kalaba da gashin kai kafin ta riƙa sa ƙarin kaɗan-kaɗan, ta kuma bar ƙananan gashin goshi kada ta kama su.

Bayan an tashi daga gaban mai kitso, kan da kansa zai ba da labari a daren farko. Idan ba a iya ɗaga gira ko kwanciya sai da maganin ciwon kai, idan ƙananan ƙuraje sun feso a bakin tsagi, ko ana hango fararen ɗigo a gindin kitso inda saiwa ta fara tumɓukewa, a warware layin gaba a ranar, ko nawa aka biya. Ƙaiƙayi a duk kai da wuya kuma sau da yawa daga abin da aka shafe zaren roba da shi ne a masana'anta. Wadda ta san fatarta ba ta jurewa ta jiƙa gashin a ruwa mai ɗumi da ɗan binega na kamar minti ashirin, ta ɗauraye ta shanya kafin ranar kitso. Kitson kuma kada ya wuce mako shida zuwa takwas a kai, a tsefe, a bar gashin ya huta mako biyu kafin a sake.